Kashi 70 ke shigowa hannuna: yankan fansho da harajin da ake mini daidai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kamfani a Sharaɗa. Takardar albashina ta 2026 tana nuna naira 250,000 a wata: gundarin albashi 100,000, kuɗin gida 50,000, kuɗin mota 30,000, sauran alawus 70,000. Amma 175,000 ke shigowa. Ana cire fansho 20,000, haraji 27,500, NHF na asusun gidaje na ƙasa 2,500, adashin ofis 15,000, biyan bashi 10,000. Saƙon kamfanin fanshona kuma 32,400 yake nunawa duk wata. Ina biyan haya 400,000 a shekara. Kashi nawa nake tafiya da shi gida, kuma akwai kuskure a ciki?

Wa alaikumus salam, Malam. Kashi 70 cikin 100 kake tafiya da shi gida, kuma e, akwai kuskure a wuri biyu. Ɗaya a haraji ne, ƙarami ne, ana iya gyara shi a albashin wata mai zuwa. Ɗayan a fansho ne, shi ne babba, shi ne kuma wanda nake so ka bi a hankali don kada ka je ka nemi gyaran da zai cuce ka.

Lissafin kason ba shi da wuya. Ka ɗauki abin da ya shigo asusunka na banki, ka raba shi da jimillar albashi, wato layin da aka rubuta Gross a takardar, sannan ka ninka da 100.

```
175,000 ÷ 250,000 × 100 = 70
```

Wurin da mutane ke yin tuntuɓe shi ne abin da suke rabawa da shi. Wani sai ya raba da gundarin albashi, ya sami lissafin da ya haura 100, ya rikice. Wani kuma ya raba da adadin da ke takardar ɗaukar aiki, wanda wani lokaci an cusa kason fanshon kamfani a ciki don albashin ya yi kyan gani. Jimillar wannan watan da ke kan wannan takardar, ita ce ma'auni.

Sai dai kashi 70 ɗin nan shi kaɗai ba ya gaya maka komai game da kuskure. Abin da ke fallasa kuskure shi ne ka yi wa kowane yanka nasa lissafin, kowanne a kan 250,000 ɗin. Fansho ya zama kashi 8, haraji kashi 11, NHF kashi 1, adashi kashi 6, bashi kashi 4. Ka haɗa su, 30 ke nan, ga 70 na hannunka, 100 ta cika. In da ba ta cika ba, to akwai yankan da ba a rubuta ba, kuma daga nan za a fara bincike. Naka ya cika, alhamdulillahi.

Daga nan ka raba yankan gida biyu. Adashi da bashi kai ka sa hannu a kansu. Adashin kuɗinka ne da ka ajiye, bashin kuma kuɗi ne da ka riga ka ci. Su biyun kashi 10 ne. Sauran kashi 20 na fansho da haraji da NHF ne. Saboda haka idan wani kamfani a Bompai ya yi maka tayin aiki kana son kwatantawa, ko abokin aikinka ya ce shi kashi 80 yake samu kai 70, kada ka kwatanta da 70. Naka ma 80 ne kafin adashi da bashi. Na sha ganin mutum yana kumfar baki wai gwamnati ta cinye sulusin albashinsa, da muka zauna muka duba sai ga bashin babur da na buhun shinkafar azumi su suka cinye rabin yankan.

Mu zo kan fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8, mai ɗaukar aiki aƙalla kashi 10, jimilla 18. Kafin ita, dokar 2004 kashi bakwai da rabi-rabi ta ɗora wa kowane ɓangare. Amma kashi 8 na mene ne? A nan duk rigimar take. Dokar ta ce na abin da yarjejeniyar aikinku ta ayyana a matsayin albashin wata, da sharaɗin kada ya gaza gundarin albashi da kuɗin gida da kuɗin mota a haɗe. Wato doka ta sa iyaka ta ƙasa, ba ta sa ta sama ba. A takardarka waɗannan ukun 180,000 ne. Kashi 8 nasu 14,400 ne. Kai kuwa 20,000 ake cire maka, wanda shi ne kashi 8 na 250,000 gaba ɗaya.

Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne. Kamfani na da damar yin lissafin fansho a kan jimillar albashi, kuma wanda ya yi hakan ya kyautata wa ma'aikatansa. Laifin yana fitowa ne idan ka ɗora saƙon kamfanin fanshonka a kai. Abin da ke shiga asusun RSA naka, wato asusun da ake tara maka kuɗin fanshonka da sunanka, kashi 18 ne na wani adadi. To ka juya lissafin baya, ka raba abin da ya shiga da 0.18, adadin da aka yi amfani da shi zai fito da kansa.

```
32,400 ÷ 0.18 = 180,000
```

Ka gani? Lokacin cirewa daga albashinka an auna da 250,000, lokacin zubawa kuma an auna da 180,000. Kamar mai awo ne da ke karɓar hatsi da babbar tiya, in ya zo bayarwa ya ɗauko ƙarama. Abin da aka tura shi ne 14,400 da sunanka, 18,000 da sunan kamfani. Naira 5,600 da aka cire maka duk wata ba ta isa asusunka ba. A shekara 67,200 ke nan.

Ban ce sata ba ce, kuma ina ba ka shawara kada ka shiga ofishin akanta da wannan kalmar a bakinka. Sau da yawa takardar da ake lissafin albashi daban take da jadawalin da ake tura wa kamfanonin fansho. Mutum ɗaya ya gyara lissafi a wannan, ba a gyara a wancan ba, haka za a yi ta tafiya wata da watanni, kuɗin yana taruwa a littafin kamfani a matsayin bashin fanshon da ba a biya ba. Ko mene ne dalili, kuɗinka ne, kuma ana iya ƙirga shi har kwabo.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Gyaran yana da hanya biyu, kuma ba ɗaya suke ba a wajenka. Ta farko, kamfani ya ce ma'auninsa 180,000 ne, ya rage yankan zuwa 14,400, ya maido maka 5,600 na kowane watan da ya wuce. Ta biyu, ya ce ma'auninsa 250,000 ne, yankan 20,000 ya zauna, shi kuma ya ɗaga nasa kason zuwa 25,000, abin da ke shiga RSA ya zama 45,000. A ta farko aljihunka ya ƙaru da 5,600. A ta biyu asusun fanshonka ya ƙaru da 12,600, wanda 7,000 daga ciki kuɗin kamfani ne da ba ka samu a da. Mutum tara cikin goma ta farko za su nema, don ita ake gani a alat, kamfani kuma zai yi saurin yarda don ita ce mai sauƙi a gare shi. Ni kuwa kafin ka buɗe baki, cewa zan yi ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata in kuna da shi, ka karanta abin da aka rubuta game da fansho. In an ce kashi 8 na jimillar albashi ne, to ta biyu haƙƙinka ce, har da cikon watannin baya. In an ce na gundari da gida da mota ne, ko ba a ce komai ba, to ta farko ce mafi kusa, ka karɓi kuɗinka.

Kada ka tsaya a saƙon waya. Ka nemi cikakken bayanin asusu daga kamfanin fanshonka, ko ta manhajarsu ko ka je ofishinsu, kusan dukkansu suna da reshe a Kano. A cikin bayanin za ka ga shafi ɗaya na kasonka, ɗaya na kason mai ɗaukar aiki, da watan da kuɗin yake wakilta, da ranar da ya shiga. Ka ajiye takardun albashinka a gefe, ka bi su layi-layi da biro. Abu uku kake nema: adadin da ke shafinka ya yi daidai da na takardar albashi, babu watan da ya yi tsalle, kuma ranar shigar ba ta yi nisa da ranar biya ba. Doka ta ba kamfani kwana bakwai na aiki daga ranar da ya biya albashi ya tura kuɗin fansho. Wanda ya makara akwai tara a kansa, ba ta gaza kashi 2 na abin da bai biya ba a kowane wata. Idan ka ga bambancin kimanin naira 100 a layi, kada ka tayar da hankali, ladan gudanarwa ne da kamfanin fansho ke cira. Idan kuwa ka ga wata guda babu komai alhali na abokan aikinka ya shiga, duba lambarka ta RSA da ke hannun akanta, wadda ta fara da PEN. Lamba ɗaya in ta sauya, kuɗin zai bar kamfani amma ya maƙale bai sauka a asusunka ba, kamfani ya rantse ya biya, kuma gaskiyarsa ne.

Wani kuskuren da ba ya cikin takardarka amma ya kamata ka san shi: a cire wa ma'aikaci kashi 18 duka, wato a ɗora masa kason kamfani. Wannan doka ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. Akasin haka ne ta yarda da shi, kamfani ya ɗauki nauyin duka, a nan kuma kashi 20 zai biya. Haka nan kashi 1 na NSITF, asusun biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a aiki, da na ITF, asusun horar da ma'aikata, da kuɗin inshorar rai ta rukunin ma'aikata, duk nauyin mai ɗaukar aiki ne. In ka gan su a layin yanka, ka tambaya. Ma'aikatan gwamnatin jihar Kano kuma nasu tsarin daban ne, kuɗinsu yana zuwa asusun amintattun fansho na jiha ne ƙarƙashin dokar jihar, ba RSA ba, don haka dabarar rabawa da 0.18 ba tasu ba ce.

Sai haraji. Da na ga 27,500 a kan albashin 250,000 ban ma ɗauko kalkuleta ba, domin lambar da kanta ta tona asirin yadda aka same ta. Bari in nuna maka.

Tun daga 1 ga Janairu 2026 sabuwar dokar haraji ta 2025 ke aiki. Harajin albashi, wanda takardarka ta rubuta PAYE, na shekara ne, ana raba shi sha biyu ne kawai don sauƙin karɓa. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3, kashi 15. Miliyan 9 na gaba, har zuwa miliyan 12, kashi 18. Daga nan 21, 23, har 25 ga abin da ya haura miliyan 50, waɗanda ba su shafe ka ba tukuna, Allah ya kai ka. Kowane mataki abin da ya faɗa cikinsa kawai yake ci, ba albashin duka ba. Wanda ke cewa ƙarin albashi zai jefa shi babban mataki har ya koma ƙasa da yadda yake, bai fahimci wannan ba.

Albashinka a shekara miliyan 3 ne cif. Cire 800,000, saura 2,200,000. Kashi 15 nasa 330,000. Raba sha biyu, 27,500. Wato an ɗora harajin a kan jimillar albashinka ba tare da an cire komai ba. Doka kuwa ta ce kafin a auna haraji sai an cire abin da ka zuba a fansho, da NHF, da inshorar lafiya ta ƙasa in kana biya, da kuɗin inshorar rai, da ruwan bashin gina gidan da kake zaune a ciki, da kuma rangwamen haya. Ana karɓar haraji a kan 22,500 ɗin fansho da NHF da ba ta ma taɓa hannunka ba.

Ga yadda ya kamata ya kasance, in muka bar fansho a 20,000. A shekara fansho 240,000, NHF 30,000. Ka cire su daga miliyan 3, saura 2,730,000. Cire 800,000 da ba a taɓawa, saura 1,930,000. Kashi 15 nasa 289,500, a wata 24,125. Tsakanin wannan da abin da ake cire maka akwai 3,375, kuma wannan kuskuren ofis ne tsantsa, ba ka bukatar kawo wata takarda, duk bayanin yana hannunsu.

Rangwamen haya kuma labarinsa daban, domin akanta ba zai san hayarka ba sai ka faɗa. Sabuwar dokar ta ba mai haya damar cire kashi 20 na hayar da yake biya a shekara, iyakarsa naira 500,000. Kashi 20 na 400,000 naka 80,000 ne. A lura, ba 80,000 za a rage daga harajin ba, daga abin da ake auna harajin a kai za a rage. Amfanin da zai shigo aljihunka kashi 15 na 80,000 ne, 12,000 a shekara, 1,000 a wata. Harajin ya sauko 23,125 ke nan. Za a nemi shaida, kuma a nan da yawanmu a Kano muke da matsala, don haya a Ɗorayi ko Kurna sau da yawa hannu da hannu ake biya, ko ta wurin dillali, ba rasit ba yarjejeniya. Ka nemi mai gidanka ya rubuta maka rasit mai ɗauke da sunanka, adireshin gidan, adadin kuɗi da shekarar da aka biya wa, in da hali kuma ka riƙa biya ta banki. Wanda ke zaune a gidansa ko gidan gado ba shi da wannan rangwamen.

A haɗe, 4,375 a wata, 52,500 a shekara.

Ga wata gajeriyar hanya da za ka iya yi a waya kana cikin A Daidaita Sahu. Da yake kashi 15 na 800,000 shi ne 120,000 a shekara, wato 10,000 a wata, ga duk wanda abin da ya rage masa bayan cire fansho da sauransu yake tsakanin kimanin 66,700 da 250,000 a wata, harajinsa shi ne kashi 15 na ragowar, a debe 10,000. Gwada da naka ba tare da haya ba:

```
(250,000 − 22,500) × 0.15 − 10,000 = 24,125
```

Wanda ragowarsa ta haura 250,000 amma ba ta wuce miliyan ɗaya a wata ba, nasa 27,500 ne da kashi 18 na abin da ya ɗara 250,000. Wanda kuma albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, naira 70,000, bai kamata a ga PAYE a takardarsa ba sam. Ka gaya wa masinjanku da mai gadi.

Ka lura lissafin fansho da na haraji a ɗaure suke da juna. In aka bi hanyar farko fansho ya koma 14,400, abin da ake cirewa kafin haraji ya ragu, harajin sai ya ɗan hau zuwa 23,965 maimakon 23,125. Saboda haka a warware maganar fansho tukuna, sannan a tsayar da haraji. In an bi ta farko, 184,135 zai riƙa shigo maka, kashi 73.7 ke nan, RSA yana karɓar 32,400. In an bi ta biyu, 179,375 zai shigo, kashi 71.75, RSA yana karɓar 45,000. Wanda ya kalli kason hannu kawai zai ce ta farko ta fi. Amma ka haɗa na hannu da na asusun fansho: ta farko 216,535, ta biyu 224,375. Bambancin 7,840 ne duk wata a ɓangaren ta biyu. Shi ya sa nake cewa kason da ake tafiya da shi gida abin auna kuskure ne, ba abin auna riba ba.

Idan kana son duba takardun 2025 da na baya, kada ka auna su da wannan ma'aunin. Tsohuwar doka tana da rangwamen bai-ɗaya: bayan an cire fansho da NHF, sai a cire naira 200,000 da kashi 20 na ragowar, abin da ya saura a bi shi da matakai shida daga kashi 7 zuwa 24. Da albashinka, a tsohon lissafi harajin kimanin 25,387 ne a wata. Wannan lambar tana da amfani ko a yanzu: duk mai irin albashinka da ya ga harajinsa na Janairu 2026 bai motsa daga na Disamba 2025 ba ko da kwabo, to ofishinsu bai sauya lissafi ba. Akwai kuma masu gauraya biyun, su ɗauki sababbin matakai su bar tsohon rangwamen a ciki. Wannan harajin yana fitowa ƙasa da yadda ya kamata, ma'aikaci yana murna, ran da hukumar haraji ta zo bincike ta ɗora wa kamfani cikon, kamfani kuma ya waiwayo kan albashi. Kuskuren da ya yi maka daɗi ma a gyara shi da wuri ya fi.

Watan da aka biya bonas ko kuɗin hutu ko ariyas, kason hannunka zai sauka, kada ka ɗauka kuskure ne kai tsaye. Ƙarin ba ya samun rabo daga 800,000 ɗin da ba a taɓawa, albashi ya riga ya cinye shi, don haka kashi 15 cur za a ɗauka a kansa, in ya tura abin da ake auna harajinka a kai a shekara ya haura miliyan 3 kuma, abin da ya haura ya ci kashi 18. Kai da ke zaune a bakin wannan iyakar, da bonas ɗinka zai wuce 350,000 a shekara za ka fara ganin hakan, in fansho ya zauna a 20,000 kuma an sa maka rangwamen haya.

NHF ɗinka daidai yake da yadda aka saba lissafa shi, kashi biyu da rabi na gundarin albashi. Sai dai tun gyaran da aka yi wa dokar a 2023, ga ma'aikacin kamfani mai zaman kansa ganin dama ne, ba dole ba. In kana da niyyar neman bashin gida a bankin FMBN ka bar shi, amma ka tabbatar kana da lambar NHF kuma kuɗin yana shiga. Da yawa ana cire musu shekara da shekaru ba su taɓa ganin lambar ba.

Cirewa daban, kaiwa daban, a haraji ma haka ne. Tunda a Kano kake zaune, harajinka na hukumar tara haraji ta jihar Kano ne, KIRS, ko da hedikwatar kamfaninku tana Legas. Kamfani zai kai abin da ya cire kafin 10 ga watan da ke biye, sannan kafin ƙarshen Janairu ya miƙa bayanin shekara na kowane ma'aikaci da sunansa da abin da aka cire masa. Hanyar da za ka gane ko naka yana isa ita ce ka nemi takardar shaidar biyan haraji. In ta fito da adadin da ya yi daidai da jimillar takardun albashinka, shi ke nan. In aka ce babu sunanka, ko adadin ya gaza, to ko an kai wata jiha, ko an kai dunƙule ba sunaye, ko ba a kai ba. Gara ka gano haka yanzu da ranar da ake neman takardar a wajenka da gaggawa.

Game da yadda za ka tunkari ofis, ka yi a rubuce, shafi ɗaya. Ka sa lissafin fansho a sama da lambobi uku kawai, 20,000 da aka cire, 14,400 da ya shiga da sunanka, 5,600 da ke tsakani, da yawan watannin. A ƙasa ka sa na haraji, ka liƙa kwafin takardar albashi, bayanin RSA da rasit ɗin haya. Ka kai tsakiyar wata, kafin a rufe lissafin albashi, ba ranar 27 ga wata ba da akanta ke fama da mutum ɗari a ƙofarsa. Ka ce masa, "Yallaɓai, ga wani abu da na kasa daidaitawa, a taimaka a duba mini." Ka kuma tambayi abokan aiki biyu ko uku su yi wa nasu irin wannan lissafin, domin kuskuren da ya fito daga takardar lissafin ofis ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, kuma in ya shafi kowa an fi saurin gyara shi.

Rarar harajin da aka riga aka kai wa KIRS, kamfani ba zai ciro maka ita daga aljihunsa ba. Abin da aka saba yi shi ne, da yake harajin na shekara ne, a lissafa abin da ya kamata ka biya a shekarar duka, a debe wanda ka riga ka biya, a raba ragowar a kan watannin da suka saura. Misali in an gyara bayan wata shida: na shekara 277,500 ne, ka riga ka biya 165,000, saura 112,500, wato 18,750 a kowane wata har Disamba. Shi ya sa nake so ka yi wannan kafin shekara ta ƙare. In ta juya, sai an bi ta neman maido da kuɗi daga hukuma, wannan kuwa doguwar hanya ce. Na fansho ba ya lalacewa da juyawar shekara, amma in ka rubuta sau biyu ba a motsa ba, ka sanar da kamfanin fanshonka a rubuce, sannan ka kai ƙorafi hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana da ofishin shiyyar Arewa maso Yamma a nan Kano. Ka tafi da kwafi, ka bar asalin takardunka a gida.